Zoben da ke sama da mita uku: ribar dogo da harajin gajere a ƙwallon kwando

Wani ɗan yayana, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya same ni a ƙofar gida da yamma yana buga ƙwallo a ƙasa, ya ce: "Kawu, da gaske ne in na dage da ƙwallon kwando zan yi tsayi? Abokaina sun ce tsallen ne yake miƙar da ƙashi." Na tambaye shi ko ya taɓa ganin raƙumi ya yi dogon wuya saboda yawan leƙen katanga. Ya yi dariya, amma na ga bai gamsu ba, domin abin da idonsa yake gani a talabijin ya fi maganata ƙarfi: duk wanda ya shigo fili zanƙalele ne.

Idon nasa bai yi ƙarya ba, fassarar ce ta kauce. Matsakaicin tsayin ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, yana kusa da mita biyu, wajen santimita 198, alhali matsakaicin namiji a Amurka bai wuce santimita 175 ba. Sai dai wasan bai ƙara wa kowa ko inci ɗaya ba. Mafi yawan bambancin tsayi tsakanin mutane gado ne, sauran kuma abinci ne da lafiya a ƙuruciya, kuma da zarar wuraren da ƙashi ke tsirowa sun rufe a ƙarshen samartaka, magana ta ƙare. Abin da ke faruwa tankaɗe ne. A makarantar firamare kowa na wasa. A sakandare koci ya fara ɗaukar dogaye. A jami'a ko kulob a sake tankaɗewa. Kafin a kai gasar ƙwararru, rariyar ta zubar da kusan duk gajeru, sai mai kallo ya ga abin da ya rage ya ɗauka wasan ne ya haife su haka.

Dalilin tankaɗen yana rataye ne a sama, a mita 3 da santimita 5, wato ƙafa goma. A shekarar 1891 James Naismith, malamin motsa jiki a Springfield da ke jihar Massachusetts, ya kafa kwandunan 'ya'yan itace biyu a jikin barandar ɗakin wasa, barandar kuwa tsayinta ƙafa goma ne. Ba wani lissafi aka yi ba. Shekaru sama da ɗari da talatin ke nan, 'yan wasa sun ƙara girma, zoben yana nan inda aka bar shi.

Masu harkar ba su cika damuwa da inda kan mutum ya tsaya ba, domin ba da ka ake jefa ƙwallo ba. Abin da suke aunawa shi ne inda yatsun mutum suke kaiwa idan ya tsaya cak ya ɗaga hannu. Mai tsayin santimita 175 yakan kai wajen santimita 230, don haka tsakaninsa da zobe akwai santimita 75 da sai ya cike da tsalle. Rudy Gobert, Bafaranshen da ya lashe kyautar gwarzon mai tsaron baya na NBA sau huɗu, tsayinsa wajen santimita 216 ne, amma da aka auna shi kafin ya shiga gasar, yatsunsa sun kai santimita 292 yana tsaye. Saura santimita 13. Ɗage kawai zai yi.

A mayar da wannan tazarar zuwa lokaci, a nan ne abin yake fitowa fili. Jikin da zai tashi santimita 75 yana buƙatar kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa kafin ya kai ƙololuwa, kuma kafin ya tashi sai ya durƙusa ya tara ƙarfi a cinya. Mai tashi santimita 13 bai kai rabin wannan lokacin ba, kuma ba sai ya durƙusa ba. Ke nan idan ƙwallo ta bugi zobe ta dawo, gajere dole ya yi hasashen inda za ta faɗo ya tashi tun da wuri, dogo kuwa yana da damar jira ya gani tukuna. In gajere ya yi kuskure, yana sama ƙwallo ta bi wani wajen. In dogo ya yi kuskure, ya sauko ya sake tashi kafin wancan ya taɓa ƙasa. Ga kuma gajiya: a minti na arba'in tsallen mutum ya ragu, hannu kuwa tsawonsa na nan yadda aka fara wasa da shi. Shi ya sa kociyoyi suke cewa tsayi ba a koyar da shi.

Hannun ma wani labari ne. A yawancin mutane, idan suka buɗe hannuwa biyu, faɗin yakan yi daidai da tsayinsu ko ya ɗara kaɗan. A NBA da wuya a sami wanda hannuwansa ba su fi tsayinsa ba, wasu da tazara mai yawa. Na Gobert ya haura tsayinsa da kusan santimita 20. Dogon hannu yana toshe hanyar fasin, yana taɓa ƙwallon da ake zaton ta wuce, yana sa mai jifa ya canza yadda ya saba jifa ko da ba a taɓa ƙwallon ba. Wannan na ƙarshen ba ya shiga takardar ƙididdiga, amma duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin kwando ya tarar da irin waɗannan hannuwa ya san yadda zuciya ke karaya.

Hukumomin wasan sun daɗe suna kokawa da wannan fifikon. A shekarar 1944 gasar jami'o'in Amurka ta hana doke ƙwallon da ke gangarowa zuwa kwando, saboda George Mikan da Bob Kurland sun mayar da abin sana'a: su tsaya a gindin kwando su riƙa kaɗe duk abin da aka jefo. A 1951 NBA ta faɗaɗa filin da ke ƙarƙashin kwando, inda ba a yarda ɗan wasa mai kai hari ya wuce daƙiƙa uku ba, daga ƙafa 6 zuwa 12, don a ture Mikan nesa. A 1964 aka mayar da shi ƙafa 16 saboda Wilt Chamberlain. Daga 1967 zuwa 1976 jami'o'i sun hana danki, wato cusa ƙwallo cikin zobe da hannu daga sama, gaba ɗaya, a zamanin Lew Alcindor, wanda daga baya ya koma Kareem Abdul-Jabbar. Duk dokokin nan sun rage wa dogo kaifi, babu wadda ta raba shi da gadonsa.

Akwai wani ɓangare na tankaɗen da ba a cika lura da shi ba, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. Masu tsayin santimita 175 miliyoyi ne a duniya. Masu ƙafa bakwai, wato santimita 213, sai a yi babban gari guda ba a sami ko ɗaya ba. Don haka dogo yana takara ne da 'yan tsirarun mutane, gajere kuwa da duniya. Hakeem Olajuwon a Legas ya tashi yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu, bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi, amma a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, kuma har yau babu wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a tarihin gasar da aka ƙididdige. Joel Embiid na Kamaru ma sai da ya kai shekara goma sha biyar ya fara. Waɗannan biyun haziƙai ne na gaske, ba na rage musu komai. Amma a kawo mai tsayin santimita 175 da ya fara wasa yana da shekara goma sha biyar ya kai NBA, ban ga ta inda zai bi ba. Shi sai ya fara tun yana ƙarami, ya fi dubban tsararrakinsa gudu da iya riƙe ƙwallo da jifa, sannan a tsaya ana shakkarsa.

Hoton da ya fi nuna wannan shi ne na ƙungiyar Washington Bullets a kakar 1987 zuwa 1988, lokacin da Manute Bol, ɗan ƙabilar Dinka daga kudancin Sudan mai tsayin santimita 231, ya yi wasa tare da Muggsy Bogues mai santimita 160, mafi gajarta a tarihin gasar. Tsakaninsu santimita 71. Bol ya gama rayuwarsa ta NBA da yawan ƙwallayen da ya tare sun fi makin da ya ci, abu ɗaya ya iya kuma ya ishe shi ya ci abinci. Bogues ya yi kaka 14, ya ba da fasin da aka ci da shi fiye da sau 6,700, kuma an san shi da ƙarancin zubar da ƙwallo. Da ya yi sakaci a ɗaya daga cikin waɗannan, da ba a san sunansa ba.

Makamin gajere na farko ƙasa ce. Ƙwallon da ake bugawa a ƙasa, duk lokacin da ta bar hannu har ta dawo, ba ta kowa ba ce. Dogo yana buga ta daga wajen ƙugunsa, tafiyarta ta fi mita ɗaya zuwa ƙasa da wata mita dawowa. Bogues yana buga tasa ƙasa da gwiwar mai tsaronsa, kafin a sunkuyo ta koma hannunsa. Da ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya kuma, sai ya manne wa mai ɗauko ta tun daga can ƙarshen fili, yana shiga ƙarƙashin hannunsa, har mutum ya juya masa baya don ya kare ƙwallo. Ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ne kacal ta yi jifa. In aka cinye mata takwas kafin ta shirya, an riga an yi mata ɓarna ko ba a ƙwace komai ba. Sannan ga birki. Jiki mai nauyi da dogayen ƙafafu yana iya gudu sosai a miƙe, amma tsayawa da juyawa suna cin masa lokaci, gajere kuwa nauyinsa yana kusa da ƙasa, yana tsayawa cak kamar an taka masa birki.

Dokoki biyu sun buɗe masa ƙofa. Layin maki uku ya shigo NBA a 1979, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: wanda ke cin huɗu cikin jifa goma daga bayan layi ya tara maki 12, wanda ke cin biyar cikin goma daga ciki ya tara 10. Sai kuma 2004, lokacin da aka tsaurara hana mai tsaro ɗora hannu a jikin mai ƙwallo idan yana nesa da kwando. Kafin nan ƙaton mai tsaro yana iya dafa ƙugun gajere ya riƙa tuƙa shi kamar amalanke. Bayan nan sai dai ya bi shi da ƙafa.

Cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan akwai Isaiah Thomas, kuma labarinsa ya ƙunshi ribar da asarar duka. Tsayinsa santimita 175. A zaɓen 2011 shi ne na 60, na ƙarshe cif. A kakar 2016 zuwa 2017, a ƙungiyar Boston Celtics, ya riƙa cin maki 28.9 a kowane wasa, ya zo na biyar a zaɓen gwarzon shekara, Boston kuma ta gama a saman rukunin gabas. Ga yadda hari ɗaya irin nasa yake tafiya.

Thomas yana da ƙwallo a saman da'ira, ko kuma ya zo a guje ya karɓe ta daga hannun Al Horford, dogon ƙungiyar. Horford ya tsaya ƙyam ya zama shinge, mai tsaron Thomas ya yi karo da shi ko ya zagaya, ya makara da taki ɗaya. Yanzu nauyi ya koma kan dogon abokan hamayya, wanda ke tsaron Horford, kuma zaɓi uku ne gare shi, kowanne da ciwonsa. In ya ja da baya ya tsare kwando, inda tsayinsa ke da amfani, ya bar wa Thomas fili a bayan layi, shi kuwa zai tsaya ya harba maki uku. In ya fito ya tare shi a waje, ya zo inda ƙafa ke aiki, Thomas zai ɗan yi jinkiri kamar zai yi jifa, dogo ya ɗaga jiki, kafin ya sauke nauyinsa an wuce shi. In kuma su biyu suka rufe Thomas, Horford ya zauna ba mai tsaro, kuma shi ma ya iya jifa da fasin.

A ce ya wuce, ya doshi kwando, wani dogon ya taso daga gefe. Nan ne ake gane wanda ya san sana'arsa. Gajeren da bai ƙware ba yakan kauce wa dogo, ya yi jifa daga nesa da shi, to ya ba shi filin miƙa hannu ke nan. Thomas yakan shiga jikinsa ne, ya sa kafaɗa a ƙirjinsa. Mutumin da aka dafe wa ƙirji ba ya iya tsalle yadda ya kamata, kuma dogon hannu ba ya da amfani a kan abin da ke manne da haƙarƙarinsa. Daga nan ya miƙa hannunsa na hagu, don bahago ne, ya ɗora ƙwallo a can saman allo. Da zarar ta taɓa allo tana hanyar shiga, doka ta hana a taɓa ta. Wata rana kuma ya bi ta ƙarƙashin kwando ya fito ɗaya gefen, zoben da ragar su zama garkuwa tsakaninsa da mai tare shi. In bai kai can ba, akwai jifan lilo: a saki ƙwallo da wuri, da hannu ɗaya, daga taki uku ko huɗu, ta yi sama ta haye yatsun dogo kafin ya gama tashi. In kuma aka buge shi, ya je layin jifan fawul, inda yake cin tara cikin goma. A can babu mai tsaro, tsayi bai da ta cewa.

Wannan rabin fili ne kawai. A ɗaya rabin ne ake karɓar haraji, kuma a nan nake ganin masu yabon gajeru suna yin shiru. A hari, mai ƙwallo ne ke zaɓar inda za a yi faɗa. A tsaro, abokin hamayya ne ke zaɓa. Dabarar shingen nan da Thomas ke cin mutane da ita, da ita ake farautarsa: a kira wanda Thomas yake tsaro ya zo ya yi shinge, a tilasta musanyar masu tsaro, sai ga shi a gaban mai tsayin mita biyu. Wannan ba ya buƙatar wata dabara. Ya juya masa baya ya tura shi zuwa gindin kwando, ko ya yi jifa ta saman kansa kamar babu kowa. In aka kawo masa ɗauki, wani ya zauna fili a bayan layi. A wasannin kaka na yau da kullum ana iya lallaɓawa, a ɓoye gajere a kan wanda bai iya jifa ba a can kusurwa. A wasannin kifa ɗaya ƙwala na ƙarshen kaka, inda ƙungiya biyu ke haɗuwa har sau bakwai, koci yana da mako biyu ya yi ta danna wuri ɗaya. Boston ta iya ɗaukar Thomas ne saboda ta kewaye shi da masu tsaro irin su Avery Bradley da Marcus Smart da Jae Crowder. Ƙungiya tana iya ɓoye gajere ɗaya. Biyu a lokaci guda, da wuya.

Don haka in ana son a gane ko gajeren ɗan wasa yana amfanar ƙungiyarsa, makin da ya ci ba ya isa. A duba minti biyar na ƙarshe a wasan da ya yi zafi: yana cikin fili, ko koci yana cire shi duk lokacin da ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya? A duba kuma sau nawa ake kiran wanda gajeren yake tsaro ya zo shinge. Chris Paul, mai tsayin santimita 183, ya daɗe a gasar saboda ba a samun sauƙinsa a nan: ƙafafunsa da ƙirjinsa suna da ƙarfi, ba ya turuwa, kuma hannunsa na kan ƙwallo tun kafin a ɗaga ta sama. Af, shi ma Stephen Curry da ake kawowa misalin ƙarami, santimita 188 ne. In ya shigo kasuwar Kurmi, dogo za a kira shi.

Dogaye ma suna biyan nasu kuɗin, a ƙafa da gwiwa. Yao Ming na Sin, mai santimita 229, ya ajiye wasa a 2011 yana da shekara 30 saboda karayar ƙasusuwan ƙafa da ta ƙi ƙarewa. Sai dai dogon da ya rasa gudu har yanzu dogo ne, ana iya ajiye shi a gindin kwando ya yi minti goma sha biyar. Kuma sabon abin da ke matse gajeru yanzu shi ne dogayen sun koyi sana'arsu. Anthony Davis ya tashi yana wasa a matsayin mai rarraba ƙwallo kafin ya yi wani irin tsiro a ƙarshen sakandare, ya shigo da hannun gajere a jikin dogo. Victor Wembanyama, wanda aka fara ɗauka a 2023, ya haura santimita 220 amma yana buga ƙwallo a ƙasa yana harba maki uku. In koci zai sami jifa da fasin a wurin mai mita biyu, dalilin ɗaukar nauyin ɓoye gajere ya ragu.

Thomas ya ji ciwo a ƙugu a waccan kakar, ya yi ta wasa da shi har ya kasa a wasannin ƙarshe na rukunin gabas da Cleveland. A watan Agustan 2017 Boston ta musanya shi zuwa Cleveland ɗin, ta karɓo Kyrie Irving. Da ya dawo fili, jifansa da wayonsa da zuciyarsa duk suna nan, abin da ya tafi shi ne rabin takin nan da yake wuce mutum da shi. Daga Cleveland sai Los Angeles Lakers, sai Denver, sai Washington, daga baya har ya koma karɓar kwantiragin kwana goma-goma, mutumin da shekaru kaɗan kafin nan ya zo na biyar a zaɓen gwarzon gasar baki ɗaya.